Saƙo ga Sani kafin ya taso gida Kano

Assalamu alaikum Sani. Ya iyali, ya sanyin Ingila? Umma ta ce kun yanki tikitin 12 ga Agusta, mako huɗu za ku yi. Allah ya kawo ku lafiya.

Maganar zazzaɓin cizon sauro ce ta sa na rubuto, don na san abin da za ka ce: a Gwammaja aka haife ka, sauron Kano ya san ka. Ɗan jurewar da jikinka ya samu, cizon yau da gobe ne ya gina shi, kuma shekara 9 rabonka da gida, ya riga ya zube. A asibiti na sha ganin irinku, kwana 2 da fara zazzaɓi mutum ya fita hayyacinsa. Ga shi tsakiyar damina za ku sauka, kwatoci da kududdufai duk sun cika.

Ka je wurin likitanku tun yanzu, kada ka bari sai ana haɗa kaya. Magungunan rigakafin uku ne. Malaron ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tafiya, a sha kullum tare da abinci, a ƙara kwana 7 bayan an koma. Yana da tsada, amma akwai na yara, gwargwadon nauyinsu. Dokisaikilin ya fi araha, sai dai sai ka ci gaba da sha har mako 4 bayan komawa, kuma ba a ba mai ciki ko ƙananan yara. Mefulokwin sau ɗaya ne a mako, ana farawa mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, ba a ba mai farfaɗiya ko ciwon damuwa. Kulorokwin da muka sha muna yara kuwa, ka manta da shi, ƙwayar cutar ta daɗe da fin ƙarfinsa.

Yaranka su Amira ne suka fi tsaya min a rai, ba su taɓa haɗuwa da cutar ba ko sau ɗaya. Na sayi gidan sauro uku masu magani, zan shanya su a inuwa kafin ku zo. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, ko da an ɗauke wuta ana zufa. Ka taho da man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET. Daga magariba a sa musu doguwar riga da wando, don lokacin hirar tsakar gida ne sauron yake fara aiki.

Duk wanda jikinsa ya yi zafi, ranar za a yi masa gwajin jini, ba a tsaya kemis ba. Haka in kun koma: zazzaɓi ko bayan watanni ne, ka gaya wa likita daga Najeriya kuka dawo.

Ka tambayi Maman Amira ko tana da juna biyu kafin ku ga likitan. Ka gaishe min da ita.

Yayarka,
Hadiza