Amsar tambayarki kan tashar girki

Ƙanwata, na saurari saƙonki har sau biyu, na kuma shiga tashar taki na duba. Kina tambaya ko ki mayar da girkin shiri mai dogon zango, ko ki ci gaba da sakin bidiyo ɗai-ɗai.

Bidiyonki na alkaki ya fi kowanne jawo mutane, kuma dalilin a fili yake. Mace ce za ta aurar da 'yarta, ta nemi yadda ake alkaki a YouTube, ta faɗo kanki. Ba don ke ta zo ba. Ta samu abin da take so, ta yi gaba. Irin wannan bidiyon yana iya shekara yana kawo miki baƙi, amma kaɗan ne ke dawowa.

Dogon zango kuwa sabo yake ginawa. Kin tuna lokacin kullen korona a 2020, da 'yan Kannywood suka karkata YouTube, yadda muke ƙirga kwanaki muna jiran fitowa ta gaba? Mai jiran ranarki ita ce ke kallo har ƙarshe, ita ke turawa ƙawayenta a WhatsApp. Ke da kike neman cika awa 4,000 na kallo da mabiya 1,000 don a fara biyan ki kuɗin talla, irinta kike buƙata.

Sai dai abu biyu nake ji miki. Baƙuwa in ta ga "kashi na 14", gani take an yi nisa ba da ita ba, ga data da tsada, sai ta wuce. Na biyun ya fi damuna: alkawari. In kin ce kowace Juma'a, to Juma'ar da aka ɗauke wuta, ko gas ya ƙare, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ana nan ana jiran ki. Kika saɓa sau uku, sun daina leƙowa.

Shawarata, ki yi jerin, amma kowace fitowa ta tsaya da ƙafarta. Ki ɗauki kayan gara, mako 8 kawai: alkaki, nakiya, dubulan, cincin da sauransu. Sunan abincin ya zo farko a take, lambar fitowa a ƙarshe, yadda mai nema za ta same ki ko daga ta shida ta shigo. Kada ki saki ta farko sai kina da uku a ajiye. Ki tara su a jerin kallo guda.

Bayan makon takwas, ki buɗe YouTube Studio, ki shiga Analytics, sannan Audience, ki ga ko masu dawowa sun ƙaru. In sun ƙaru, mu shirya na azumi tun a Sha'aban.

Ki gaishe min da Umma. Ranar Asabar zan kawo miki fitilar ɗaukar hoton.