Man gyaɗa na gida, sabon matsi ya iso

Assalamu alaikum, mutanen arziki. Bayanin da kuka gani a nan kwanakin baya na'ura ce ta tsara shi, har ta kira man "tatacce, irin na zamani". Na sauke shi. Man nan ba a tace shi irin na kamfani ba, kuma ba na so kowa ya saya da zaton abin da ba shi ke nan ba.

Wanda kuka saba da shi ne. Gyaɗar bana ce, na auno ta a kasuwar Lahadi ta Pitowa, muka tsince ruɓaɓɓu da tsakuwa a faifai, aka soya sama-sama, aka murje ɓawon, aka kai inji. Matsar kuwa da hannu matan gidanmu suka yi ta. Suyar nan ita ke ba shi launin ja-ja da ƙamshin da ke tarbar mutum tun daga zaure. Ko ɗigon wani mai ban haɗa masa ba.

In kun ga ɗan gari ya kwanta a gindin kwalba, tunkuza ce, ba datti ba. A bar shi ya natsa, a tsiyayi na sama. Da sanyin hunturu yakan yi kauri ya ɗan dushe, da ya ji wuta zai washe.

Iyayena masu ƙosai da masa, ku na fi tunawa. Sabon mai yana kumfa, kada a cika kasko. A bari ya yi zafi sosai, a jefa ɗan yankin albasa ta soyu tukuna, sannan a fara saka ƙullu. Wadda take son man da ba ya ƙamshi don cincin ko fanke, ta faɗa mini, akwai man auduga na Sodekoton a kanti. Amma miyar kuka, dafa-duka, ko wake da shinkafa da yaji, gaskiya wannan ya fi dacewa da su.

Lita ɗaya sefa 1,800, jarka mai lita 5 kuma 8,500. Na san ya ɗan ɗaga a kan na bara, buhun gyaɗar ne ya hau. Wanda ya zo da jarkarsa, busasshiya, zan rage masa 300. Ƙuli-ƙulin da ya fito daga wannan matsin ma yana nan, mai yaji da marar yaji.

Zafin Garwa kun san shi, balle a Maris da Afrilu. A rufe bakin kwalba da kyau, a ajiye a inuwa, a sayi daidai wanda zai ƙare cikin wata biyu.

Kanti yana nan Yelwa inda kuka sani, daga safe zuwa magariba, ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci. Masu nisa ku turo ta Orange Money ko MoMo, mai babur zai kawo har gida, kuɗin hanya naku. Masu littafin bashi, a fara rage na baya, Allah Ya hore mana baki ɗaya.