Tsarin atisayen ranar Talata: makonni 8 kafin tseren kilomita 5

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tsarin da muka yi muku alkawari. Za mu riƙa haɗuwa kowace Talata a cibiyar wasanni ta Jami'ar Legas da ke Akoka, ƙarfe 6:15 na safe, bayan an idar da asuba. Masu tasowa daga Agege da Idi-Araba su fito da wuri saboda cunkoson hanya. Wanda ya makara kada ya faɗa cikin gudun da sanyin jiki, ya yi ɗumin jikinsa tukuna ko da zai rasa zango biyu.

Zango shi ne gudun da za a yi da sauri na tazarar da aka ƙayyade, sai a yi sassarfa a huta, a sake. Zagaye ɗaya na filin mita 400 ne, amma a layin farko kaɗai. Layi na 2 ya ɗara da kusan mita 8, na 8 kuwa ya haura mita 450, don haka wanda ya yi zangonsa a layin waje kada ya zargi ƙafarsa in agogo ya nuna masa jinkiri. Tseren kansa zagaye 12 da rabi ne.

Kowa ya fara sanin saurinsa. Mai gama kilomita 5 a minti 30, zagayensa minti 2 da sakan 24 ne. Mai minti 25, minti 2 cif. Mai minti 22 da rabi, minti 1 da sakan 48. Mai minti 20, minti 1 da sakan 36. Ka ɗauki lissafin daga abin da ka gudu a watan nan, ba daga abin da kake fata ba. A zangon mita 400 za ka iya rage sakan 4 zuwa 6 daga wannan adadi. Daga mita 800 zuwa sama, ka tsaya a kan saurin tseren daidai.

Kafin a fara, sassarfa ta minti 12 zuwa 15, sannan gajeren gudu na mita 80 sau 4, ana ƙara sauri a hankali ba tare da an ƙure ba. Bayan an gama, sassarfa ta minti 10.

Mako na 1: mita 400 sau 8, sassarfar mita 200 tsakaninsu. Mako na 2: mita 400 sau 10, hutun bai canza ba. Mako na 3: mita 600 sau 6, sassarfar mita 200. Mako na 4 na sauke nauyi ne: mita 400 sau 6 kawai, a watse. Mako na 5: mita 800 sau 5, sassarfar zagaye guda. Mako na 6: mita 1000 sau 4, sassarfar minti 3. Mako na 7: mita 1000 sau 5 da hutun minti 3, ko kuma sau 4 da hutun minti 2. A zaɓi ɗaya, ba a haɗa su.

Ku lura da yadda tsarin yake hawa. Abubuwa huɗu ake iya taɓawa: yawan zango, tsawonsa, saurinsa, da tsawon hutu. Ba ma tsananta biyu a mako ɗaya. A mako na 3 zango ya yi tsawo, shi ya sa jimillar ta sauko daga mita 4000 zuwa 3600. Dalili shi ne huhu da zuciya suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya buɗe, amma agara da ƙashin ƙwauri sun fi su jinkiri nesa ba kusa ba. Daga nan ciwon yake shigowa: mutum yana jin ƙarfi, ya ƙara zango ya ƙara sauri ya rage hutu a rana guda, bayan kwana goma ya tashi da safe dunduniya ta ƙi taka ƙasa. Mako na 4 domin wannan aka sa shi, kuma muna roƙonku kada ku raina shi.

Mita 400 tana koya wa ƙafa sauri. Dogon zangon ne yake gina tseren, domin sai an yi kusan minti 2 ana gudu kafin zuciya da numfashi su kai matakin da ake nema. A zangon mita 1000 mutum yana daɗewa a wannan mataki, abin da zai fuskanta ke nan daga kilomita na 3 zuwa ƙarshe.

Maganar sassarfa ita ce muka fi so ku riƙe. Da ka tsallake layin ƙarshen zango, kada ka tsaya ka dafa gwiwoyi kana haki. Taka ƙafa kamar taku 10 zuwa 15, sannan ka shiga sassarfa mai laushi, wadda ko yaro zai iya bin ka. Motsin yana sa jini ya ci gaba da zagayawa, ƙafafu ba sa yin nauyi, zuciya ba ta sauka gaba ɗaya, sai zango na gaba ya same ka a shirye. Mita 200 ta ɗauki kamar minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Kurakurai biyu ne a nan. Wani yana sassarfa da sauri don kada a ga gazawarsa, sai zangonsa ya lalace. Wani kuma yana jan hutu har minti 5, yana shan ruwa yana hira, kowane zango sai ya zama sabon farawa, ga lokaci mai kyau a agogo, ranar tsere kuma babu komai. Gwajin mai sauƙi ne: kafin ka tashi zango na gaba, in kana iya faɗin gajeriyar jimla ba tare da numfashi ya yanke ba, ka huta daidai.

Alamar atisaye mai kyau ita ce zangon ƙarshe ya yi daidai da na farko, bambancin kada ya wuce sakan 2 ko 3 a zagaye. Mai neman minti 2 da ya buɗe da minti 1 da sakan 45 saboda ganin ido, zai rufe da minti 2 da sakan 15, kafaɗu a ɗage, kai a baya. Ka duba agogo a mita 200 na farko ka gyara tun da wuri. In zango biyu a jere suka yi jinkiri da fiye da sakan 5 a zagaye, ka dakata haka nan, ranar ta ƙare. Kuma ka tashi daga filin kana jin da sauran zango ɗaya a ƙafarka.

Zafin Legas ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa da sauri. Safiyar da riga ta manne a baya tun ana ɗumin jiki, a ƙara sakan 3 zuwa 5 a kowane zagaye. A zo da ruwa aƙalla rabin lita, a riƙa kurɓa. Jiri, ciwon ƙirji ko tsigar jiki na tashi cikin zafi, a tsaya nan take a sanar da mu. Ciwon da yake wuri ɗaya a ƙashin ƙwauri, wanda za ka iya nunawa da yatsa, shi ma ba a gudu a kansa, sai likita ya duba.

Wanda aiki ya hana shi zuwa Akoka, ya nemi miƙaƙƙiyar hanya mara ramuka a unguwarsa ya yi da agogo: minti 2 a madadin mita 400, minti 4 a madadin 800, minti 5 a madadin 1000. Sauran mako gudu ne mai sauƙi sau biyu, minti 30 zuwa 40, da doguwar sassarfa ta minti 50 zuwa 60 ranar Asabar. Laraba hutu ce ko tafiya a ƙasa.

Mako na 8, tseren ranar Asabar ne. Talata mita 400 sau 4 a kan saurin tsere, da sassarfar zagaye guda. Alhamis sassarfa ta minti 20. Juma'a hutu. Takalmin da aka yi atisaye da shi, da shi za a shiga tseren. Allah ya kai mu lafiya.