Jadawalin karatuna na sati, saura sati 6 jarabawar Kansul ta samun lasisin aikin jinya

Abban yara, na manna kwafi ɗaya a jikin firij na kuma turo maka, don Allah ka duba inda sunanka ya fito. Jarabawar Kansul ce ta watan Nuwamba, ga ta kwamfuta ga Oski ta gwajin aiki a aikace, ba na son in maimaita wallahi.

Kullum, ba fashi: tashi 4:00, karatu har a kira asuba, bayan salla in ƙara zuwa 6:00. Wannan awa biyun shi ne karatuna na gaske, abin da na karanta da dare bayan na dawo daga kemis ba ya zama, ido ne kawai ke bin layi. 6:00 zuwa 7:00 wankan yara, koko da ƙosai, in auna wa Hajiya hawan jini in ba ta maganinta. Waya a ɗaki har 7:00.

LITININ. Asuba: zuciya da jijiyoyin jini, hawan jini, ciwon suga. Makaranta 8:00 zuwa 2:00. Kemis 4:00 zuwa 9:00. In babu kwastoma in ciro katina in yi bitar ma'aunai: bugun jini na babba 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Abba kai za ka ɗauko yara.

TALATA. Ranar lissafin magani, inda na fi tsoro kenan tun aji ɗaya, shi ya sa na ba shi asuba gaba ɗaya ban haɗa shi da komai ba. Lissafi 10 na ƙarin ruwa da biro da takarda, kuma ba zan leƙa amsa ba sai na gama duka.

```
ɗigo a minti = (ml × ɗigon layi) ÷ mintuna
(500 × 20) ÷ 240 = 42
```

Ledar ruwa ta ml 500 a awa 4 kenan, 20 ɗin kuma ɗigon layi ne wato yawan ɗigon da ke cika ml ɗaya, ainihin amsar 41.7 ce sai a cike ta, a mayar da awa zuwa minti tukuna, nan nake yawan zamewa. Babu kemis yau, bayan la'asar tsofaffin tambayoyi 50 da agogo a gabana.

LARABA. Asuba: lafiyar uwa da jariri, jijjigar masu ciki da zubar jini bayan haihuwa, awon Afga na lafiyar jariri a minti 1 da minti 5 da haihuwa. Kemis 4:00 zuwa 9:00. Girkin dare ɗumame ne, miyar tana firiza.

ALHAMIS. Yara ba Islamiyya, gida zai cika da hayaniya, to Yaya ta ce in kawo mata su daga la'asar zuwa magariba, Allah ya saka mata. Asuba: ƙwaƙwalwa, jijiyoyin kai 12, ma'aunin suma na Gilasgo daga 3 zuwa 15. Yamma a ɗakin gwaji da 'yan gurup ɗinmu mu huɗu, Oski zalla: wanke hannu, gyaran gado, wankin ciwo, sa robar fitsari, ɗaya tana yi ɗaya na riƙe da agogo sauran suna cire maki ba sani ba sabo. In dinga faɗin abin da nake yi da baki, kuma kar in manta gaisuwa da neman izinin mara lafiya, sau biyu ana kama ni a nan.

JUMA'A. Asuba: lafiyar al'umma, rigakafin yara, na ranar haihuwa, na sati 6, 10, 14, sai ƙyanda da shawara a wata 9. Daga azahar na rufe littafi. Kitso, gidan Inna, hira da yara.

ASABAR. Kemis 8:00 zuwa 4:00, doguwar rana ce, bitar kati kawai a adaidaita. Da dare in tafasa nama in yi miya kala biyu ta sati, in an kawo wuta a yi guga.

LAHADI. Jarabawar gwaji 9:00 zuwa 12:00, tambaya 100, ƙofa a rufe, Abba yaran naka ne har azahar ko kuka suke kar a buga min. Bayan la'asar in bi duk wadda na faɗi in rubuta dalili a jan littafi. Tabin hankali da dokokin aikin jinya bayan isha, minti 40 ya isa.

Biki da suna na ɗaga su sai bayan jarabawa, gaisuwar mutuwa ce kawai zan je. Ran da Hajiya ke da asibiti karatun ranar ya koma Juma'a da yamma. Barci 10:30, in na wuce haka asubar ce ke lalacewa. Sati biyun ƙarshe zan roƙi mai kemis ya sauke min Litinin da Laraba, ko da zai rage kuɗin.