Jerin kayan mai sa ido: jarrabawar gwaji ta Lissafi, ɗaki na 2

Daga ofishin jarrabawa zuwa ga malamin da ke sa ido a ɗaki na 2, aji uku na babbar sakandare, Katsina. Ranar Talata. Ɗalibai 46. Takardar rubutu daga ƙarfe 9:00 zuwa 11:30, takardar zaɓi daga 12:00 zuwa 1:30.

Malam, ka iso ofis da ƙarfe 8:00. Kada ka sa hannu a littafin karɓar kaya sai ka ƙirga kowane abu da kanka, domin abin da ka sa wa hannu shi za a nema a wurinka da rana.

Takardun tambayoyi

Ƙunshi biyu ne, kowane da takarda 48: 46 na ɗalibai, 2 na ko-ta-kwana. Ka duba liƙin, ka karanta sunan darasi da lokacin da aka rubuta a baya. Ƙunshin rubutu kaɗai za ka tafi da shi da safe, na zaɓi sai 11:45. Kamanninsu ɗaya, kuma idan aka buɗe na rana da safe, jarrabawar ta lalace wa dukan ɗakuna. A gaban ɗalibai ake yanka ƙunshi, biyu daga cikinsu su shaida cewa a liƙe ya zo. Ka buɗe guda ɗaya ka bi shafukanta kafin rabo, don na'urar buga takardu takan tsallake shafi ko ta fitar da zanen kusurwa dishi-dishi.

Littattafan amsa

Guda 50, masu lamba daga 0301 zuwa 0350, kowane da hatimin makaranta. Wanda ba shi da hatimi, ka mayar da shi nan take. Ka raba 0301 zuwa 0346 bisa jerin zama, huɗun ƙarshe su zauna a teburinka.

Nan ne aka fi samun matsala. Ɗalibi yakan ɓata bango ya nemi sabo. Ka ba shi, amma sai ka karɓi tsohon tukuna, ka ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta "an soke", ka sa hannu. Littafin da ya fita ɗaki babu rubutu a ciki, shi ne ke dawowa wata rana cike da amsa. Haka ma ƙarin takardu, guda 20: ba a ba kowa sai ka ga littafinsa ya cika, kuma ka sa hannu a saman kowace.

Akwai takardar giraf 50 da takardar amsar zaɓi 48. Ta zaɓi ba a lanƙwasa ta, ba a huda ta.

Jerin zama da rajista

Jerin zama kwafi biyu: ɗaya a manna a ƙofa da 8:20, ɗaya a hannunka. Ka rubuta lambobin ɗalibai da alli a kan tebura kafin su shigo. Rajistar halarta tana da gurbin sa hannu biyu, na shiga da na miƙa littafi. Wanda bai zo ba, ka rubuta "bai zo ba" da jan biro bayan minti 30 da farawa. Kada ka bar gurbinsa fayau. Sunaye irin ɗaya suna da yawa a ajin nan, saboda haka lamba za ka bi.

Kayan rubutu

Biro shuɗi 5, ja 2, fensir HB 10, abin gogewa 5, abin fiƙe fensir 2, rula 2, alli, agogon bango, sitefula da ƙusoshinta, salatif ɗaya, zare mai ƙarfe 50 na ɗaure giraf da ƙarin takardu. Ka zo da tsumma, ƙurar hunturu takan kwanta a tebura cikin dare. Ɗalibai ba sa aron kalkuleta a junansu. Wayarka a kashe.

Ambulan na mayarwa

Guda huɗu ne:
1. Littattafan amsa da aka rubuta, a jere bisa lambar ɗalibi.
2. Takardun amsar zaɓi.
3. Duk abin da ba a yi amfani da shi ba, har da waɗanda aka soke da ragowar takardun tambayoyi.
4. Rajista, jerin zama da takardar rahoto. Idan an kama wani da satar amsa, a sa abin da aka kama a nan tare da bayaninsa a rubuce.

Kowa ya zauna a wurinsa har ka gama ƙirga littattafan amsa. Rubutattu da sokakku da ragowa dole su haɗu su ba da 50. Idan 49 ka samu, kada a buɗe ƙofa. Ka duba ƙarƙashin tebura da cikin takardun tambayoyi, sau da yawa can yake maƙalewa, sannan ka aika a kira jami'in jarrabawa.

A bayan kowace ambulan ka rubuta darasi, lambar ɗaki, yawan abin da ke ciki da yawan waɗanda ba su zo ba. Ka liƙe, ka sa hannu a kan bakin liƙin, ka bi da salatif. Ambulan ta 1 ta iso ofis da 11:45, lokacin da za ka karɓi ƙunshin zaɓi, sauran ukun kuma kafin ka tafi sallar Azahar. Da hannunka za ka kawo, ba a aiko ɗalibi, kuma ka tsaya sai mai karɓa ya sa hannu a gabanka.