Wasiƙar godiya zuwa ga Baba Alhaji

Bolari, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, da Hajiya da sauran iyali. Yaya gajiyar hanya? Allah ya sa an dawo a sa'a.

Na rubuto ne a madadin matasan unguwa don mu yi muku godiya kan Naira 850,000 da kuka bayar aka yi duba ido da awon jini kyauta ranar Asabar. Kun ce kada a ambaci sunanku a lasifika, ba a kuwa ambata ba. Sai dai Mai Unguwa da ya tashi jawabi ya ce "wani bawan Allah da ke Tudun Hatsi", sai wurin ya ɗauki dariya, don babu wanda bai gane ba. Wannan ba laifinmu ba ne.

Mun shirya wa mutum 250, aka duba 318. Tun bayan sallar asuba tsofaffi suka fara kama layi a harabar makarantar firamare, wasu daga Pantami da Herwagana, har da waɗanda suka zo daga ƙauye sai da muka nemo mai fassara da Fulatanci.

Akwai wani tsohon tela, kun san shi, shagonsa na kusa da masallacinmu. Shekara uku jikarsa ce ke zura masa zare a allura. Idan ta tafi makaranta, keke ya tsaya. Da aka sa masa tabarau sai ya laluba aljihu ya fito da allura, ashe da ita ya zo. Ya lashi bakin zare, ya zura sau ɗaya. Ya cire, ya sake zurawa. Bai ce wa kowa komai ba, sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ku gaya wa mai abin nan Allah ya haskaka kabarin iyayensa." Ga saƙo na isar. Tabarau ɗin nan Naira 1,500 muka saye shi.

Wani kuma mai Keke Napep, fasinja ya kawo, muka matsa masa ya zauna a gwada shi. Jininsa ya kai 190 bisa 110, shi kuwa cewa yake garau yake, ɗan ciwon kai ne na rana. Likita bai bar shi ya koma kan titi ba, ƙaninsa ya zo ya wuce da shi asibiti. Jiya na gan shi, ya fara shan magani.

Ga yadda kuɗin suka tafi. Tabarau 200 sun ci 300,000. Maganin ɗigawa a ido da na hawan jini 210,000, kayan awon suga 60,000. Rumfa da kujeru da man janareta 95,000. Abinci da ruwa da kuɗin motar ma'aikatan lafiya 120,000, don su aikin sa-kai suka yi, ba su karɓi ko sisi na ladan aiki ba. Jimla 785,000. Rasit ɗin duka suna wurin ma'aji, zai kawo muku gida.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Tabarau na karatu masu ƙarfi sun ƙare kafin azahar, masu rauni kuma suka yi saura 26. Kuskurenmu ne, mun sayo kafin mu tambayi likita irin wanda tsofaffi suka fi buƙata. Mutum 19 suka koma hannu rabbana, mun rubuta sunayensu, mai kayan kuma ya yarda ya musanya mana. Janareta ma ya mutu kusan awa guda da rana tsaka, mata suka sha zafi a rumfa.

Saura Naira 65,000, kuma a kanta muke neman izininku. An samu mutum 13 masu yanar ido, likita ya rubuta musu takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, ya ce da ɗan aiki za su koma gani. Akwai kuma huɗu da yake zargin hawan jinin ido, waɗanda ya ce su ne na gaggawa, domin ganin da wannan ciwo ya tafi da shi ba ya dawowa. Mun san halin mutanenmu: takarda za ta kwana ƙarƙashin katifa saboda kuɗin mota da na kati. Idan kun amince, za mu kai su da kanmu ranar Litinin da wannan ragowar. Idan kuma kuna da wata shawara, umarninku muke jira.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya jiƙan magabata. A gaishe da Hajiya, a gaya mata kunun ayar da ta aiko bai kai ƙarfe goma sha ɗaya ba.

Naku,
Sakataren matasan unguwa