Bayanin giraf ɗin shafi na 4: iskar kabon a Mauna Loa

To, kowa ya buɗe handawut ɗinsa shafi na 4. Wanda bai zo da nasa ba ya matsa kusa da na gefensa. Fotokwafin ya ɗan dushe, kuma a asalin zanen layi ɗaya ja ne ɗaya baƙi, amma a takardarku duk sun fito baƙaƙe. Ba komai, za mu rarrabe su da siffarsu.

Kada wanda ya fara kallon layin tukuna. Na san ido can yake zuwa, amma ku fara da rubutun da ke sama. An rubuta CO₂, wato iskar kabon dayoksaid, sannan Mauna Loa. Mauna Loa dutse ne mai aman wuta a tsibirin Hawaii, a tsakiyar tekun Fasifik, kuma tashar da ake awon tana kan gangarensa, kusan mita 3,400 sama da teku. Wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Charles David Keeling ne ya fara awon a watan Maris na 1958. Ya zaɓi wurin ne saboda nisansa da manyan birane da masana'antu da dazuzzuka, iskar da ke isa can ta riga ta gauraya sosai a hanya. Keeling ya rasu a 2005, ɗansa Ralph ya ci gaba da aikin, kuma tun 1974 hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da binciken teku da sararin iska, take yin nata awon a wurin don a riƙa kwatantawa.

Yanzu ku sa yatsa a layin kwance, na ƙasa. Shekaru ne, an sa alama a 1960, 1970, haka goma-goma har 2020, layin kuma ya ɗan zarce. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Layin tsaye, na hagu, shi ne za mu ɗan zauna a kansa. An rubuta ppm. Ma'anarsa kashi nawa ne cikin miliyan ɗaya. Ku ɗauka an ƙirga ƙwayar gero miliyan ɗaya a ƙwarya, sai aka tarar 316 daga ciki dawa ce. Wannan shi ne 316 ppm. Iskar da muke shaƙa galibinta naitirojin ce da oksijin, kabon dayoksaid ɗan mitsitsi ne a ciki, bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin dubu ba. Sai ku duba lambar da ke can ƙasan wannan layi. Hadiza, me kika gani?

"Malam, 300 ce, ba sifiri ba."

Madalla. Daga 300 aka fara, aka hau ashirin-ashirin zuwa 440. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya kalli zanen a gurguje zai ga layi ya tashi daga kusa da ƙasa ya kai kusa da sama, sai ya ce iskar ta ninka sau biyar ko shida. Ba ta ninka ba. Matsakaicin shekarar 1959 kusan 316 ne, na 2023 kusan 421. Bambancin 105, wato ƙarin kashi ɗaya bisa uku. Da an fara daga sifiri, da gangaren bai yi tsini haka ba. Masu zanen ba yaudara suka yi ba, sun yanke ƙasan ne don ƙananan motsin layin su fito fili, kuma sun rubuta lambobin kowa yana gani. Nauyin karantawa yana kanku. Duk giraf ɗin da aka miƙo muku, ko a jarida ko a ɗakin jarrabawa, ku fara neman inda layin tsaye ya soma.

To yanzu ku kalli layukan biyu. Ɗaya yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, wannan matsakaicin kowane wata ne. Ɗayan ya ratsa ta tsakiyarsa sumul, wannan an cire masa hawa da saukan da ke zuwa da yanayin shekara don a ga inda aka dosa.

Haƙoran zarton nan su ne suka fi burge ni a duk zanen. Kowane haƙori shekara ɗaya ce. Yana kai ƙololuwa a watan Mayu, ya gangaro ya kai ƙasa wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, tazarar kusan 6 ppm. Dalili shi ne tsirrai. Mafi yawan ƙasar duniya da teku bai rufe ba tana arewacin ikwaita, to idan ganye ya fito a wannan ɓangare, tsirrai suna zuƙe kabon daga iska don su haɗa abincinsu, sai layin ya sauka. Idan ganye ya kaɗe ya ruɓe, kabon ya koma iska, sai layin ya hau. Ku tuna yadda daji yake a nan a watan Mayu, fayau, ana jiran ruwan shuka, ku kuma tuna yadda yake a Satumba, gero ya fi mutum tsawo. Lokacin ya zo ɗaya da namu, ko da yake babban kason wannan motsi daga manyan dazuzzukan Sibiriya da Kanada da makamantansu yake fitowa.

Layin tsakiya kuwa hawa yake yi, babu shekarar da ya koma baya. Amma kada ku tsaya a kan cewa yana hawa. Ku ɗauko rula ku ɗora ta a kan sashen 1960 zuwa 1970, sannan ku riƙe ta a haka ku matsar da ita zuwa sashen 2010 zuwa 2020. Za ku ga layin ya kuɓuce wa rular ya yi sama. A 1960 kusan 317 ne, a 1970 kusan 326, ƙarin 9 a shekara goma. A 2010 kuwa 390 ne, a 2020 ya kai 414, ƙarin 24 a shekara goma. Daga ƙasa da 1 ppm a shekara an koma kusan biyu da rabi. Saboda haka idan na tambaye ku alƙiblar giraf ɗin a jarrabawa, amsar abu biyu ce: yana hawa, kuma saurin hawan yana ƙaruwa. Wanda ya rubuta na farko kaɗai rabin maki zai samu. An fara ƙetare 400 a awon rana ɗaya a watan Mayun 2013, ku sa alama a wurin da fensir.

Sanusi, na ga hannunka.

"Malam, an ce dutsen mai aman wuta ne. Ba shi yake fitar da iskar da ake aunawa ba?"

Tambaya ce mai kyau, kuma masu awon sun yi ta tun ranar farko. Dutsen yana fitar da kabon dayoksaid ta wasu ramuka, kuma idan iska ta kwaso shi zuwa tashar, na'urar tana nuna tsalle-tsalle cikin 'yan mintoci, abin da iska mai gauraye ba ta yi. Irin waɗannan sa'o'i ana ware su. Amma hujjar da ta fi ƙarfi ba ta cikin wannan takarda. Ana yin irin wannan awo a ƙuryar kudancin duniya, a Antaktika, da wasu tashoshi da dama nesa da kowane dutse mai wuta, kuma duk hawa ɗaya suke nunawa. Ka ga tambayarka ta kawo mu kan abin da na fi so ku fita da shi yau, wato abin da wannan giraf shi kaɗai ba zai iya tabbatarwa ba.

Layukan awo biyu ne da shi, na kwance mai shekara da na tsaye mai yawan iskar kabon. Duk abin da ba ya kan ɗayansu, zanen bai faɗe shi ba.

Bai faɗi daga ina iskar ta fito ba. Ku duba da kyau, babu gawayin kwal a ciki, babu fetur, babu gas, babu sare daji. Masana sun tabbatar cewa ƙona waɗannan makamashi ne babban sanadi, ni ma abin da nake koyar da ku ke nan, amma da wasu hujjoji aka tabbatar. Akwai lissafin abin da ƙasashe suke ƙonawa, wanda ya nuna ana fitar da kusan ninki biyu na abin da ke taruwa a iska, sauran teku da tsirrai suke shanyewa. Akwai nau'in kabon ɗin kansa: wanda ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa miliyoyin shekaru ba shi da nau'in da ake kira kabon-14, kuma kabon-13 ɗinsa kaɗan ne, an kuma ga wannan alama tana bayyana a iska. Akwai kuma raguwar oksijin kaɗan-kaɗan, wadda Ralph Keeling ya auna, kuma ita ce abin da ake sa ran gani idan ƙuna ake yi.

Bai faɗi cewa duniya tana ɗumama ba. Babu ma'aunin zafi ko ɗaya a shafin nan. Cewa kabon dayoksaid yana riƙe zafi, a ɗakin gwaji aka gano shi tun wajen 1859 a aikin John Tyndall, kuma a 1896 Svante Arrhenius ya yi lissafin yadda ƙaruwarsa za ta ɗaga zafin duniya. Awon zafin kansa wani giraf ne daban, yana shafi na 6. Ko kun jera su biyun kun ga suna hawa tare, tafiya tare ba ta isa hujjar cewa wannan ne ya haifar da wancan ba. Yawan mutanen Kano ma ya hau a waɗannan shekaru. Abin da ya ɗaure kabon da zafi shi ne an san yadda abin yake faruwa, an kuma gwada shi.

Ban manta da abin da wata ta rubuto min a aikin makon jiya ba, cewa wannan giraf ya nuna dalilin ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024. Na fahimci abin da ya sa ta rubuta haka, 'yan uwanta abin ya shafa, kuma duk wanda ya ga halin da aka shiga zai nemi dalili. Amma wannan takarda ba za ta ba ta shi ba. Kafin a yi magana a kan wannan ambaliya sai an duba ruwan saman da aka yi a yankin a daminar, da halin da madatsar Alau take ciki kafin ta ɓalle, da inda aka yi gine-gine a hanyar ruwa. Mai yiwuwa ne sauyin yanayi ya ƙara wa ruwan ƙarfi, amma wannan bincike ne na daban mai nasa alƙaluma. Ku tuna iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984 lokacin da layin nan yake ƙasa da 350.

Sannan bai faɗi jiya mai nisa ba, bai faɗi gobe ba. Daga 1958 ya fara. Idan kun karanta cewa kafin zamanin masana'antu adadin kusan 280 ne, wannan daga kumfar iskar da ta maƙale cikin tsohuwar ƙanƙarar Antaktika aka samo shi. Ta gaba kuma, kowa zai iya ɗora rula ya ja layin zuwa 2050, amma abin da ya ja hasashensa ne, ya dogara da abin da mutane za su ƙona daga yau zuwa lokacin. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, hayaƙin da duniya ta fitar ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari, amma ku nemi wurin a zanen, da ƙyar za ku ga alamarsa. Wannan ba ya nufin ragin banza ne. Giraf ɗin abin da ya taru yake aunawa, kamar ruwan randa. In an rage guga ɗaya cikin ashirin da ake zubawa, randar dai ci gaba da cika take yi.

Aikin gida: ku karanto min adadin 1980 da na 2000 daga zanen da rula, ku lissafa ƙarin kowace shekara tsakaninsu, ku kwatanta da biyun da muka yi a allo. Sannan ku rubuta jimla uku da giraf ɗin ya tabbatar, da jimla biyu da mutane suke jingina masa alhali sai an nemo wata hujja. Shafi ɗaya ya isa. Ku ba wakilin aji ya kawo min ofis kafin azahar ranar Laraba.